Om Shida a Ƙasar Guna

A Zango, cikin Damagaram, in ka wuce layin masu walda ka kai inda ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa wanda ba a taɓa rubuta masa suna ba. Wanda fankarsa ta ƙone, da wadda rishonta na kuran, wato lantarki, ya daina ja, duk "je ka wajen Ummu" ake ce musu, kuma ba mai ɓata hanya.

Cikakken sunanta Ummul Khairi Mutari. Gajera ce, shekarunta arba'in da ɗaya, kullum da gilashi a goshi da guntun alli a bakin zane. Shagon na mahaifinta ne, Malam Mutari mai rediyo, wanda bai haifi namiji ba kuma bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. Tun tana ƴar shekara tara take riƙe masa fitila yana leƙa cikin rediyo. Shi ya fara nuna mata yadda ake daidaita eriya da bakin rediyo, don ɗan abin da eriya ta tsinto a iska ya shiga gwargwadon iyawa. Bai san sunan abin a boko ba. Sai da ta shiga cibiyar koyon sana'a ta tarar da shi a kan allo: in tushen wuta yana da tasa rezistans a ciki, wato abin da ke tauye wuta ya mai da ita zafi, to kayan da ka jona masa za su sami ƙarfi mafi yawa ne idan tasu rezistans ta yi daidai da tasa. Mushe, wato malamin da ya koya musu, ya ja layi biyu ƙarƙashin wannan. Akwai layi na gaba, wanda bai ja wa komai ba, kuma shi ne ya tsaya wa Ummu a rai: a daidai wannan wurin, rabin abin da tushen ya fitar ne kawai ke kai wa ga kayan.

Shekara biyu ta yi a cibiyar. Idon Malam Mutari ya mutu, ta dawo ta karɓi shago, ba ta ɗauko dipilom ba. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin yana tuƙa babbar mota zuwa Agadas. Zamani ya kashe rediyo mai eriya, sai ta koma naɗin fanka, da risho, da fanon sola, farantin da ke mai da hasken rana wuta. Daga baya ta gano cewa mataccen firigo, in aka cire masa inji aka sa masa ɗan abin ɗumama da na'urar da ke kunnawa da kashewa in zafi ya kai, ya zama injin ƙyanƙyasa. Ta fara gwadawa da ƙwan kajin maƙwabciyarta. Labari ya bazu, har ya kai kunnen wani furoje, wato shirin raya karkara, mai taimakon ƙungiyoyin mata, aka ba ta aikin firigo ɗaya na gwaji a wani ƙauye na ƙasar Guna. Aka ce in ya yi kyau, akwai takwas a baya.

Ranar da ta je ɗaurawa damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Motar furoje ta sauke ta da hantsi a ƙofar gidan Inna Maryama, shugabar ƙungiyar matan garin, tsohuwa mai kaifin baki wadda goro ya rina wa haƙora. Tare da Ummu aka sauke Mushe Abdulmumin, ma'aikacin furoje mai kula da na'urori, saurayi mai natsuwa wanda ya yi karatun lantarki a Yamai, da jakarsa ta takardu.

Inna ta ja su ɗaki ta buɗe ƙwarya bayan ƙwarya. Ƙwan zabi ne, ɗari biyu cif. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya sani. A bisa al'ada kaza ake sa wa ƙwan ta kwanta, amma kajin da ke kwanci a garin ba su kai goma ba. Mako guda matan gida talatin suka yi suna bin zabinsu cikin gonaki da ƙasan ƙaya suna tsinto ƙwai, kowace ta yi wa nata alama da gawayi.

"Na farkon ya kwana bakwai yau," in ji Inna. "In ba ku sa su yau ba, gobe sai dai mu soya. Kuma in suka lalace a hannuna, ƴata, garin nan ba zai zaunu gare ni ba."

Matsalar ita ce waya. Batir biyu da fanon sola suna mangazar ƙungiya, ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, saboda ɓarayi. Firigo kuwa dole ya zauna ɗakin Inna, don ita za ta riƙa juya ƙwai sau uku a yini, kuma ƙafarta ba ta kai ta nesa. Tsakanin wuraren biyu metir sittin ne, kuma wayar da aka binne siririya ce. Ummu ta cire fano ta auna. Batir biyu a jere, volt ashirin da huɗu. Waya, zuwa da dawowa, da ɗan abin da ke cikin batir, rezistans ɗinsu om biyu.

"Kin gani, Madam Ummu," in ji Abdulmumin, ya buɗe takardarsa. "Daidai da abin da na rubuta. Tushe om biyu, saboda haka abin ɗumama om biyu. Kin naɗo shi?"

"Na naɗo."

Ta fito da shi daga jaka, wayar tsohon risho ce da ta yanka ta naɗa a kan guntun tangaran. Sai ta sake fito da wani, mai naɗin da ya fi yawa, ta ajiye kusa da shi.

"Wannan fa?"

"Wannan om shida ne. Shi zan ɗaura."

Abdulmumin bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna bakin gadon Inna ya yi mata bayani kamar mai lallashin mara lafiya. Bara, a wani gari wajen Garagumsa, an ɗaura injin da abin ɗumamarsa ya yi rauni. Zafi bai taɓa kaiwa ba, ƙwai ɗari uku suka ruɓe, kuma shi aka tsayar gaban shef, shugabansu na furoje. Tun ranar ya yi alkawari ba zai ƙara barin wat ɗaya a baya ba. Ya ce lissafi ba ya ƙarya: ta wannan waya, ba abin da zai fi om biyu zafi.

"Gaskiyarka, Mushe," in ji Ummu. "Zo mu yi shi a ƙasa, kowa ya gani."

Ta zaro allinta ta durƙusa a kan daɓen ɗakin. Ta rubuta ashirin da huɗu. Ta ce in abin ɗumama om ɗaya ne, jimilla da waya om uku, amper takwas za su bi, zafin da zai shiga firigo wat sittin da huɗu. In om biyu ne, jimilla huɗu, amper shida, shida sau shida sau biyu, wat saba'in da biyu. In om huɗu ne, jimilla shida, amper huɗu, an koma sittin da huɗu.

"To," in ji shi. "Kin faɗa da bakinki. Ƙololuwa a biyu take."

"A biyu take. Ban gama ba."

Ta ja layi. Ta ce amper shidan nan ba ta sama suke tashi su faɗo cikin firigo ba, ta waya suke bi, kuma waya ma om biyu ce. Saboda haka ita ma wat saba'in da biyu take ci. Batir ya fitar da ɗari da arba'in da huɗu, ƙwai su sami saba'in da biyu. Rabi ke nan.

Inna, wadda ke tsaye da hannu a ƙugu, ta ce, "Ku dakata. Rabin me?"

"Rabin wutar, Inna. Kamar ki aiki jaki da tiya biyu ta gero, ya ci ɗaya a hanya."

"Wannan jakin ai na yanka ne, in ana cin sa."

Abdulmumin ya yi murmushi, amma ya tashi. Ya ce a gwada. Aka jona om biyun na ɗan lokaci, ya fita ya kama wayar inda ta fito daga ƙasa, ya riƙe. Ya ce ko ɗumi da ƙyar ake ji. In da wat saba'in take ci, da ta ƙona hannu.

"Metir ɗari da ashirin ne zuwa da dawowa, Mushe. Ka raba saba'in da biyu a kansu, kowane metir bai samu wat ɗaya ba. Hannu ba zai gaya maka ba. Ga wanda zai gaya maka."

Ta ɗora ma'auninta a bakin abin ɗumama. Volt goma sha biyu. Ta miƙa masa ma'aunin ta ce ya je mangaza ya auna bakin batir da kansa. Ya je, ya tarar da kusan ashirin da huɗu, ya dawo ya miƙa mata ma'aunin.

Ta koma ƙasa ta rubuta nata. Om shida da biyu, takwas. Amper uku. Uku sau uku sau shida, wat hamsin da huɗu cikin firigo. Waya ta ci goma sha takwas. Batir ya fitar da saba'in da biyu. Kashi uku cikin huɗu sun isa gida.

"Hamsin da huɗu," in ji Abdulmumin. "Kin zubar da wat goma sha takwas na zafi da gangan. Kuma kin manta da na'urar kashewa. Nawa zai kai zafi da wuri ya mutu, ya huta. Ba ci gaba zai yi da shan amper shida ba."

Wannan ita ce magana mafi kyau da ya yi ranar, kuma Ummu ta ji daɗinta, don ta kwana biyu tana juya ta a shago kafin ta zo. Ta fito da wani tsohon kaye, littafin rubutu mai tabon mai. Ta ce ta kunna firigon nan a Zango tana lura da minti nawa yake kunne, nawa yake kashe, har ta san cikinsa. Don ya riƙe zafin ƙwai, digiri talatin da bakwai da rabi, a sanyin damina, wat arba'in yake nema a tsakaice. Hamsin da huɗu ya wuce arba'in da sarari, ko an buɗe ƙofa an juya ƙwai zai farfaɗo.

"Kunnawa da kashewa ba ta canza rabon," in ji ta. "Duk lokacin da naka ke kunne, waya na cin daidai da shi. Don ƙwai su sami arba'in, batir sai ya ba da tamanin. Nawa, hamsin da uku da ɗan kai."

Sai ta zo kan batir. Ba sababbi ba ne, daga wani aikin aka kwaso su, kuma ta gwada su: amper-awa arba'in suke bayarwa kafin akwatin da ke tsaronsu ya yanke wuta. Wat tamanin a volt ashirin da huɗu amper uku ne da sulusi, batir zai ƙare cikin awa goma sha biyu. Fano yana daina ba da abin kirki wajen biyar na yamma. Ke nan biyar na asuba wuta ta yanke, lokacin da sanyi ya fi, kuma rana ba ta kama fano sai bakwai.

"Awa biyu sau ɗaya, ƙwai na iya jurewa. Amma kullum ne, kwana ashirin da takwas. Ran da aka wayi gari da hadari kuma, sai goma ko sha ɗaya. Nawa amper biyu ne da ɗan kai. Awa goma sha takwas. Zai kai sha ɗaya na safe."

Abdulmumin ya daɗe yana kallon allin da ke ƙasa. Ummu ta ga leɓensa na motsi, yana bin lissafin, ta kuma ga inda ya kai ƙarshe bai sami kuskure ba.

"Da waya mai kauri ce," in ji shi a hankali.

"Da waya mai kauri ce da ba mu tsaya nan ba. Ita ce maganin gaskiya. Kana da ita a mota?"

"Sai an rubuta an nema. Wata guda."

"Ƙwai ba su da wata guda."

Ya rufe jakarsa, ya sake buɗewa. Ya ce takardar nan shi ya rubuta ta, ya kare ta gaban shef, an buga mata hatimi a Yamai. Ba shi da ikon canza ta a tsakar ɗaki. In aka ɗaura abin da ba ya cikinta, ba zai sa hannu ba, kuma dole ya rubuta cewa mai aikin ta ƙi bin tsari. Ya ce ta yi tunanin takwas ɗin da ke baya.

"Madam Ummu, ki ɗaura nawa yau. In an ga matsala sai in rubuta a canza."

"Wace matsala za a gani? Ƙwai ba ya ihu in ya mutu. Sai ranar ashirin da takwas a fasa a ji wari."

Ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ɗauki om biyun ta sa masa a tafin hannu, ta ɗora sukuddireba a kai.

"Ga naka, ga abin ɗaurawa. Ni na naɗa shi, lafiyarsa ƙalau. In kana so ka ɗaura da hannunka, ba zan riƙe ka ba. Amma hannuna ba zai ɗaura shi ba. A eriya ubana ya koya mini wannan daidaitawar, kuma can daidai ce, don abin da ke iska ba ya ƙarewa, ka kwashi iyakar abin da za ka iya. Batir kuwa tulu ne. Ba ƙarfi mafi yawa ƙwan nan ke nema ba, wutar da za ta kai su safe suke nema."

"Ba ki da dipilom," in ji shi. Bai faɗa da raini ba. Kamar yana gaya mata abin da za a ce ne a ofis.

"Ba ni da shi. Ka rubuta wannan ma, kada ka manta."

Inna Maryama ta tofar da goro ta taga. Ta tambayi Abdulmumin ko ba shi ne ya kawo takarda watan jiya ta dangwala yatsa ba, aka ce firigo da batir sun zama na ƙungiya. Ya ce shi ne.

"To, ɗana, na ƙungiya ne ko na hatimi?"

"Na ƙungiya ne, Inna."

"Ƙwan fa, Yamai ta saka su?"

Inna ta ci gaba.

"Ni ban san om ba, ban san ubansa ba. Amma na ji wanda jakinsa ke cin rabi, na ji wadda nata ke cin kwata. Ƴata, ɗaura naki. Kai kuma zauna ka sha fura, fuskarka ta yi fari."

Bai zauna ba. Ya ajiye om biyun a kan firigo ya fita ya tsaya gindin itacen bedi yana buga waya. Ummu ta ɗaura om shida, ta mai da fano, ta rufe ƙofar firigo, ta zauna tana kallon ma'aunin zafi yana hawa sannu a hankali. Hawan ya fi na ɗayan jinkiri, kuma ta san daga bakin ƙofa ana kallonta. Ba ta waiwaya ba. Bayan azahar ya kai talatin da bakwai da rabi, na'urar ta yi ƙas ta kashe. Ta jira ta ga ya kunna ya kashe sau biyar, sannan ta sa kwanon ruwa a ƙasa saboda laima, ta ce a kawo ƙwai. Matan suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace tana neman alamarta.

Mota ta mai da su Damagaram. Da za ta sauka a Zango Abdulmumin ya ce, "Zan rubuta abin da ya faru, ba ƙari."

"Rubuta har da volt goma sha biyun."

Kwana tara bayan haka aka kira ta ofis aka gaya mata cewa sauran takwas ɗin an ba wani. Ta ce to, Allah ya ba shi sa'a, ta tambaya ko waya mai kauri za su saya masa. Mai gaya matan bai gane tambayar ba. Ta koma shago ta ci gaba da naɗin fanka.

Kowace safiya sai ta kira Inna. Tambaya ɗaya ce: ƴar fitilar firigo na kunne? A rana ta goma sha tara aka tashi da ruwa tun asuba, sama ta rufe ruf har hantsi ya wuce. Ummu ta kira da bakwai, ta kira da tara. Ta ajiye fankar da take naɗi don ta ɓata ƙirgan zagaye sau biyu. Da goma da rabi Inna ce ta kira.

"Rana ta fito. Abinki bai mutu ba. Ki bar kirana, kina cinye mini caji."

A rana ta ashirin da bakwai tsaki suka fara fasowa, kafin ta ashirin da tara an ƙirga tsaki ɗari da hamsin da takwas. Sauran, wasu ba su da ɗa tun farko, wasu sun mutu cikin ɓawo, kamar yadda ake samu ko ƙarƙashin kaza. An yi rigima kan rabo, don tsaki ba ya fitowa da alamar gawayi, amma wannan rigimar ta Inna ce kuma ta iya da ita.

Rahoton furoje bai canza ba. A cikinsa har yau injin garin su Inna "bai dace da tsari ba." Da aka karanta wa Inna wannan a taron ƙungiyoyi a Mirya, ta ɗaga hannu ta ce tana da tambaya: tsakin da injin ya ƙyanƙyashe, su ma ba su dace ba? In haka ne a faɗa mata ofishin da za ta kai su, amma a tanadi dawa, suna da ci.

Ummu ba ta je taron ba. Ranar tana wani ƙauyen gaba da Guna, inda matan suka samo mataccen firigo da kansu suka aiko mata da amalanke. Kafin ta sauke jakarta ta tambayi inda za a ajiye batir, ta ce a nuna mata ɗakin da ya fi kusa da shi don a sa firigo.